Haruffa Uku a Shafi na 171

A kamfanin binciken ƙasar da take aiki ba wanda ke kiranta da sunanta na yanka. Jan Biro ake ce mata, tun daga mai gadi har Manaja, kuma ba ta taɓa nuna ta ji haushi ba, don ita ma ta san ba ƙage aka yi mata ba. Injiniya ce, aikinta ta gwada ƙasa ta faɗa wa masu gini irin harsashin da za ta iya ɗauka. Amma abin da ya fitar da ita a ofis shi ne duba rahoto. In takardarka ta shiga hannunta fara fat, za ta dawo maka kamar an yanka kaza a kanta.

Abin da ta fi tsanantawa a kai kuwa shi ne gajerun sunaye. Rahoton bincike dogo ne, wani sunan in za ka riƙa rubuta shi a cike sau ɗari, hannu zai gaji, ido ma ya gaji. Saboda haka dokar gidan ita ce: karon farko da suna ya fito, a rubuta shi cikakke, a sa gajerensa a cikin baka. Ramin Gwaji (RG). Daga nan har bangon ƙarshe RG ne, ba a komawa dogon, ba a kuma sake masa wasu haruffa. A farkon rahoto akwai jeri, kowane gajeren suna da ma'anarsa da shafin da aka fara gabatar da shi. Wanda ya ɓullo a tsakiyar rubutu ba a taɓa gabatar da shi ba, maraya ake ce masa a ofishin, kuma wanda aka kama da maraya a rahotonsa shi ke sayen shayin kowa ranar.

Ba ita ta ƙago dokar ba. Babban Injiniya ne, mai kamfanin, aminin marigayi mahaifinta. A gaban mutane Injiniya take ce masa, in su biyu ne kuwa Baba. Shi ya ɗauke ta aiki shekara goma sha ɗaya da suka wuce, ya kuma dawo mata da rahotonta na farko har sau shida a kan maraya guda. A karo na shidan ta shiga banɗaki ta yi kukanta ta fito, ta tarar ya ajiye mata jan biro a tebur da rular ƙarfe.

"Mai karatu baƙo ne a gidanki," ya ce mata ran nan. "Ba a barin baƙo ya yi ta zama da mutanen da ba a gaya masa sunansu ba. Ki sa rula ƙarƙashin layi, ki bi shi ɗaya bayan ɗaya."

Tun daga ranar take ganin ba mai gaskiya a aikin nan irinsa. 'Ya'yanta Kaka suke ce masa, shi kuma bai taɓa zuwa gidan hannu rabbana ba.

Ranar da abin ya faru Alhamis ce. Ta dawo ke nan daga sati biyu a wani fili mai nisa, inda Baba da kansa ya tura ta, wai ba wanda ya yarda da idonsa sai ita. Ta shigo da ƙurar hanya a takalmi, ta tarar da rahoto a kan teburinta, an riga an ɗaure shi da baƙin zobe na roba. Rahoton filin sabuwar kwaleji ne, inda za a gina ɗakunan kwanan ɗalibai masu hawa uku. Wata huɗu ta yi a kansa. A saman bangon an manna 'yar takarda da rubutun Baba, siriri, a karkace: "'Yata, komai ya kammala. Gajerun sunaye kawai za ki duba, ki sa hannu. Ƙarfe huɗu za a kai."

Manaja ya leƙo, yana juya makullin mota a yatsa. Mutum ne da bai san bambancin laka da yashi ba, amma ya san ranar da kowane aiki zai fita.

"Sannu da hanya, Jan Biro. Don Allah yau a ji tausayinmu, kar a yi mana yanka. Sa hannu kawai, layi na biyu."

"In babu abin yanka ai wuƙa ba za ta fito ba," ta ce, tana dariya.

Layi na biyun shi ne na wanda ya duba. Ma'anarsa, ni injiniya na karanta, na kuma tsaya a kan abin da ke ciki. Ba ta damu ba. Rahoton nata ne, ta san shi kamar ɗakinta. Ta zuba ruwan zafi a kofi, ta kunna fanka, ta ɗauko rula.

Ta fara da jerin farko. Tana bi tana buɗe shafin da aka ce, tana ganin cikakken suna da gajerensa a baka, tana sa ɗigo. Komai daidai. Har ta ji daɗi, ta ce a ranta Baba da ya ƙarasa haɗa rahoton a bayanta dai hannunsa bai tsufa ba. Da ta gama jerin sai ta koma shafi na ɗaya, ta fara bin rahoton da ido, don Baba ya koya mata cewa jeri yana faɗin abin da aka tuna ne kawai, maraya kuwa a cikin rubutu yake ɓuya.

Wajen sha ɗaya da rabi ta isa shafi na 171. Taswirar filin ce, babba, a naɗe gida biyu. Ramukan gwaji goma sha huɗu suna warwatse a kanta, RG-1 har RG-14. A kusurwar arewa maso gabas, kewaye da RG-11 da RG-12 da RG-13, akwai wani siririn layi mai ɗigo-ɗigo, a cikinsa ƙananan haruffa uku: YLK.

Ta koma jeri. Babu YLK.

Abin da ta fara ji kunya ce. Maraya, a rahotonta, ita Jan Biro! Yau ofis zai sha shayi har ya ƙoshi. Don ita ta raɗa sunan da kanta: Yankin Laka Mai Kumburi. Ƙasar kusurwar nan laka ce mai shan ruwa ta kumbura da damina, ta tsuke da rani, ta yi ta ɗaga gini tana sauke shi har bango ya tsage. Ta rubuta sashe guda a kanta, sashe na 4.6, shafi goma sha ɗaya. A nan ta gabatar da YLK, a nan ta ce kada a ɗora ginin da aka tsara a wurin sai an kafa harsashi mai zurfi da ya wuce lakar, ko a matsar da ginin. To yaya aka yi ta manta sa shi a jeri?

Ta buɗe babi na huɗu ta nemi 4.6. Akwai 4.6, amma maganar duwatsun filin yake yi. Wannan da shi ne 4.7. Ta duba gaba, ta duba baya. Ta kalli lambar shafin ƙarshe: 240. Da ta tafi, 251 ne.

Ta buɗe rahoton a kwamfuta, ta sa ta nemo YLK. Kwamfuta ta ce babu. Sau ashirin da wani abu ta rubuta haruffan nan, a babi na huɗu, a shawarwari, a taƙaitawar farko, duk an tsince su tas. Na taswira kawai ya tsira, shi ma don taswirar hoto ce da mai zane ya manna, kwamfuta ba ta karanta rubutun cikin hoto. Bayanin da ke ƙarƙashin taswirar, inda ta fassara alamomin, shi kam an gyara shi.

Shayin ya huce ba ta taɓa ba. Zuciyarta ta tafi kai tsaye kan Manaja. Tun watan jiya yake ƙorafi cewa masu ginin ba su son jin maganar harsashi mai zurfi, sun riga sun gama zanensu, in aka dame su za su kai sauran ayyukansu wani kamfanin. Wato ya jira ta bar gari, ya shiga ya yi ɓarna, ya kai wa tsoho ya ce komai ya kammala. Ta miƙe tsaye, rahoto a hannu, za ta je ta faɗa wa Baba irin macijin da yake kiwo.

Har ta kai ƙofa sai wani abu ya tsayar da ita. A sashen da aka cire ba YLK kaɗai ta gabatar ba. Akwai wani, Canjin Danshin Ƙasa, CDƘ, a shafi na 96. Shi wannan ana amfani da shi a babi na biyar, wurin maganar magudanar ruwa, ba yadda za a yi a share shi. In Manaja ne ya yanke sashen, to CDƘ ma ya zama maraya. Amma ɗazu ta sa masa ɗigo a jeri.

Ta dawo ta zauna. Jeri ya ce CDƘ, shafi na 101. Ta buɗe 101. Ga shi nan a sakin layi na biyu, a daidai wurin da yanzu ya zama fitowarsa ta farko, an rubuta shi cikakke, gajeren a cikin baka. An ɗauko gabatarwar daga inda aka yanke an dasa ta a nan, a hankali, ba ko tabo. Jimlar ma an ɗan juya ta don ta zauna daidai. Sannan duk lambobin shafin da ke jeri bayan babi na huɗu an rage su, ɗaya bayan ɗaya, ba kuskure ko guda.

Manaja ko za a yanka shi bai san ana yin haka ba. Mai zane bai sani ba. A duk ginin nan mutum biyu ne za su yanke shafi goma sha ɗaya su tuna cewa akwai wani gajeren suna da za a sake gabatarwa a gaba. Ɗaya tana can cikin rana tana auna ramuka. Ɗayan shi ya tura ta.

Ta daɗe tana kallon takardar da aka manna a bango. 'Yata. Ba fushi ta ji ba a lokacin. Sati biyun nan kullum sai ya kira ta da yamma, ya tambayi abinci, ya tambayi masauki, ya ce kar ta yi gaggawar dawowa. Ita kuma har tana gaya wa maigidanta a waya cewa ko mahaifinta iyakar abin da zai yi ke nan.

Ofishin Baba yana ƙarshen baranda, bangonsa ɗaya da nata. Ta ƙwanƙwasa ta shiga. Yana zaune a bayan tebur, tabarau a kan hanci, yana feƙe fensir da reza kamar yadda ya saba, ɓawon na zuba a kan tsohuwar jarida.

"A'a, 'yata, kin iso? Kin yi baƙi. Zauna mana."

Ba ta zauna ba. Rahoton na rufe a ƙirjinta.

"Baba, ina 4.6?"

Rezar ta tsaya. Bai yi kamar bai gane ba, a wannan kam ta shaide shi. Ya ajiye fensir, ya cire tabarau, ya murza ido.

"Rufe ƙofar."

Ta rufe.

"Ban taɓa lamba ko ɗaya ba," ya ce. "Sakamakon ramukan nan uku yana nan a rataye na biyu, yadda ɗakin gwaji ya fitar. Duk mai son gani zai gani."

"Wa ke karanta rataye na biyu, Baba? Shafi sittin na lambobi. Kai ka ce mini aikinmu shi ne mu faɗa wa mutum abin da lambar ke nufi."

"Na faɗa. Amma ramuka uku ne cikin sha huɗu. Kin ɗan zafafa, ke ma kin sani. Na ga gine-gine a kan irin lakar nan sun yi shekara talatin."

"Ka kuma ga waɗanda ba su yi biyar ba. Kai ka kai ni na ga ɗaya, ka sa hannuna a cikin tsagar bangon."

Fanka na ta kaɗa gefen jaridar.

"Mutum talatin da biyu ke cin abinci a gidan nan," ya ce a hankali. "In mutanen nan suka juya mana baya, ba mu kai ƙarshen shekara. Ke ba ki ga abin da nake gani ba. Na ce bari in ɗauke miki nauyin, kar ki sani balle ya dame ki."

"Ka ɗauke mini nauyi, ka bar mini layi na biyu."

"Hannuna ma yana kai, a layi na uku."

"Kai ka san abin da ka sa wa hannu. Ni fa?" Ta matso kusa da teburin. "Ka san ba zan sake karanta abin da ka ce ya kammala ba. Da Manaja ne ya ajiye mini takardar nan, da na bi kowane layi. Kai ne, shi ya sa ka san zan duba haruffa kawai in sa hannu. Da yardar da na yi maka ka yi aiki, Baba."

Ya sunkuyar da kai. Ta ga furfurar da ke tsakiyar kansa, ta ga hannun nan da ya riƙe ɗanta na fari ranar da aka sallamo su daga asibiti. A ranta tana roƙo ya ce ya yi kuskure. Kalma ɗaya take jira. Da ya faɗa, da ta zauna a kujerar nan sun mayar da shafi goma sha ɗayan tare kafin ƙarfe huɗu, ta kuma rufe maganar har abada, ko maigidanta ba zai ji ba.

Ya ɗago. Fuskarsa ta yi laushi, har da ɗan murmushi irin na malamin da ɗalibi ya burge.

"Yaya aka yi kika gane?"

"Maraya."

"Kai." Ya girgiza kai. "Na bi shi sau uku. Sau uku, da kwamfuta da ido." Ya mayar da tabarau, ya jawo wata 'yar takarda gabansa, ya ɗauki fensirin da ya gama feƙewa. "Wane shafi ne?"

Ta kalli bakin fensirin yana jira a kan takarda. Ashe duk maganar da ta yi, abin da ya ji ke nan: akwai sauran wuri ɗaya da bai share ba. Nan ne abin ya karye mata, ba a ofishinta ba.

"Ka ce wane shafi?"

"'Yata, lokaci na tafiya. A gyara, a sake bugawa, a ɗaure. In ba ki son sa hannu ba zan tilasta miki ba, zan samu wani. Faɗa mini shafin kawai."

Ta ajiye rahoton a kan teburinsa, a rufe. Ta zaro jan biron daga aljihun rigar aikinta, ba wancan na farko ba ne, an sha canzawa, amma duk ɗaya ne a wurinta. Ta ɗora shi a kan bangon.

"Shafi ɗari biyu da arba'in ne, Injiniya. Kai ka koya mini yadda ake nema."

Ta ga ya ji sunan da ta kira shi da shi, alhali su biyu ne a ɗakin.

"Kwafin 4.6 yana wurina," ta ce. "Da littafin da na rubuta aikin fili. Zan kai wa injiniyan kwalejin yau, da takarda cewa ban sa hannu a wannan ba. Na faɗa maka ne don kar ka ji a bakin wani."

"Za ki rushe gidan da ya raine ki."

Ta fita, ta ja masa ƙofa a hankali kamar kullum.

A baranda ta ci karo da Manaja, har yanzu makulli na yawo a yatsarsa.

"An gama? Yau wa ke sayen shayi?"

"Ba ni ba ce," ta ce, ta wuce.

A ofishinta ta buɗe durowa ta ciro littafin fili mai koren bango, wanda laka ta ɓata gefensa. Ta buga shafi goma sha ɗayan daga kwafin da ta ajiye kafin tafiya. Injin bugawa na fitar da su ɗaya ɗaya, masu ɗumi, na farkon da layinsa na uku: Yankin Laka Mai Kumburi (YLK). Ta rubuta takardar da hannu, gajeriya, ta sa hannu a wannan. Ta cire hoton 'ya'yanta daga jikin bango, ta sa a jaka. Ta ɗauki rular ƙarfen, ta juya ta, ta mayar kan tebur.

Tana zuge jaka ta ji wani sauti ta bango. Bangon na katako ne, shekara goma sha ɗaya tana jin tarinsa da wayarsa ta nan. Ta tsaya ta saurara, wata zuciyar na ce mata ko kujera ce ya ture, ko tasowa ya yi zai biyo ta.

Ba tasowa ya yi ba. Ƙarar rula ce a kan takarda, tana sauka layi bayan layi, sai a buɗe shafi, sai ta sake farawa daga sama. Ba sauri, ba tsallake, daidai yadda ya koya mata. Ta san zai same shi. Ta kalli agogo, ɗaya saura kwata, ta lissafa a ranta: a irin tafiyar nan zai kai shafi na 171 wajen ƙarfe uku.

Ta rataya jaka ta sauka bene, ta tsaya a bakin titi tana jiran mota. Da wata ta taho, ta ɗaga hannu ta tsayar da ita.